Kauɗa a Babban Kanti: Wasiƙar da Matashin Manomi Zai Rubuta wa Mai Sayen Kaya

Daga watan Janairu zuwa Afrilu, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ya ratsa ta Kura da Kadawa da Kwanar Gafan zai ga kwandunan tumatir jere a bakin titi suna jiran motocin da za su kwashe su zuwa Kudu. Ruwan dam ɗin Tiga ne ke shayar da waɗannan gonaki, kuma kusan lokaci ɗaya amfanin ke nuna. Idan kaya suka yi yawa farashi ya faɗi, sai manomi ya yayyanka abin da ya rage ya shanya, ya mayar da shi kauɗa. Watanni kaɗan bayan haka, da damina ta kankama, ɗanyen tumatir ya yi tsada har ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, sai matan gida su koma neman kauɗa da busasshiyar kuɓewa da busasshen tattasai. Wannan tsohuwar dabara ce, kakanninmu sun san ta. Abin da yake sabo shi ne matasan da ke son su fitar da kayan nan daga buhu da mudu, su zuba su a leda mai tambari, su kai su manyan kantuna irin su Sahad da Jifatu a Kano, ko takwarorinsu na Kaduna da Abuja.

Tsakanin gona da kantar kanti akwai mutum ɗaya da dole a bi ta hannunsa, wato mai sayen kaya. A wasu kantunan manajan reshe ne, a wasu kuma ma'aikaci ne da aka ware wa sashen kayan abinci. Shi ke yanke shawarar abin da zai hau kanta da abin da ba zai hau ba. Yawanci ba zai ba ka dogon lokaci ku zauna ba. Zai ce ka rubuto, ka haɗo da samfur. Wannan takarda guda ita ce za ta yi magana a madadinka bayan ka tafi.

Inda matasanmu suka fi tuntuɓe shi ne, suna rubuta wasiƙar kamar ta neman taimako. Sai ka ga shafi ya cika da labarin yadda mutum ya gama makaranta bai samu aiki ba, da yadda ya rungumi noma, da roƙon a tallafa wa matasa. Duk gaskiya ne, kuma abin a yaba ne, amma ba shi mai sayen kaya yake nema ba. Shi ma akwai wanda zai tuhume shi a ƙarshen wata. Kowane taƙi na kantar nan akwai kuɗin haya da wuta da albashi a kansa, kuma kafin a ɗora ledarka sai an matsar da kayan wani da aka riga aka san suna fita. Yana karanta wasiƙarka ne da tambayoyi huɗu a ransa: shin kayan nan ba za su jawo mini hukuma ba, shin za a saya, nawa zan samu, kuma in sun ƙare zan sake samun irinsu? Wasiƙar da ta amsa waɗannan a shafi ɗaya ta yi aikinta. Kuma ba za a iya amsa ko ɗaya daga cikinsu da iya lafazi ba. Kowace amsa tana da tushe a wurin shanya, ko a littafin lissafi, ko a ofishin hukuma.

Mu ɗauki misalin matashi mai noman rani a yankin Kura, wanda ke busar da tumatir da kuɓewa, mu bi abin da zai rubuta layi bayan layi.

Abin da ya bambanta ledarka da mudun kasuwa

Tambayar farko da za ta zo wa mai sayen kaya ita ce me zai sa mace ta biya kuɗi mai yawa a kanti alhali kauɗa tana nan jibge a kasuwar 'Yankaba da sauran kasuwanni. Amsar kowa ya san ta. Kauɗar kasuwa sau da yawa a ƙasa aka shanya ta, ko a kan dutse, ko a gefen kwalta. Iskar hunturu da ke saurin busar da ita ita ce kuma ke lulluɓe ta da ƙura. Awaki da kaji su ratsa, ƙuda ya sauka. Mai girki sai ta jiƙa, ta wanke sau biyu ko uku, duk da haka wani lokaci haƙori ya ci karo da yashi a miya. Sannan manomi yakan shanya wanda ya kasa sayarwa ne, wanda ya fashe ko ya fara ruɓewa, shi ya sa kauɗar ke yin baƙi da tsami. Abin da matashinmu ke sayarwa a zahiri shi ne hutu daga wannan wahala: kauɗa ja, marar ƙasa, wadda za a jiƙa a kai inji kai tsaye.

To amma faɗin "kayana masu tsafta ne" ba ya ƙara komai, domin babu wanda zai rubuta cewa nasa masu datti ne. Abin da ke da nauyi shi ne a faɗi yadda aka yi. An zaɓi tumatir mai ƙwari wanda ya nuna sosai, an cire mai tabo, an wanke da ruwa mai kyau, an yanka shi kauri ɗaya don ya bushe tare, an shimfiɗa a kan raga a bisa tebur cikin rumfar busarwa mai rufin leda, inda zafin rana ke shiga amma ƙura da ƙuda ba sa shiga. Jimla biyu sun isa a wasiƙa, sai hoton rumfar a haɗe. Idan akwai ganye a cikin kayan, kamar zogale ko kuka ko karkashi, a faɗi cewa a inuwa aka busar da su, domin rana kai tsaye tana kashe koren ganye ya koma ruwan toka, kuma mai saye da ido yake fara saye.

Batun bushewa shi ne ya fi kowane muhimmanci, kuma a nan ne kaya suka fi lalacewa bayan sun hau kanta. A buhu, kauɗar da ba ta gama bushewa ba tana samun iska ta ƙarasa. A ledar da aka liƙe ba ta da wannan dama. Danshin da ya rage zai taru a ciki, bayan 'yan makonni a ga fumfuna fari-fari ko baƙi-baƙi a jikin yankan. Leda ɗaya mai fumfuna da mai ciniki ya dawo da ita ta isa a kwashe kayanka gaba ɗaya daga kanta. A busassun kayan lambu ana son danshin ya sauko zuwa wajen kashi 10 cikin ɗari. Manomi yana da hanyoyin ganewa tun a gida. Kuɓewa da ganye su karye ƙaras idan an lanƙwasa su. Kauɗa ta yi tauri, kada a matse ta a ji laushi ko danƙo a tsakiya. Sannan a zuba kaɗan a kwalba busasshiya, a rufe tsam, a ajiye 'yan kwanaki ana girgizawa. Idan aka ga gumi a jikin kwalbar daga ciki, ba ta yi ba, a mayar rumfa. Amma don wasiƙa, abin da ya fi shi ne sakamakon gwaji daga ɗakin binciken abinci, na jami'a ko na 'yan kasuwa da hukuma ta amince da su, wanda zai nuna yawan danshi da yawan ƙwayoyin cuta. Mai sayar da busasshen tattasai ko barkono ya ƙara da gwajin gubar fumfuna da ake kira afalatoksin, domin kayan yaji na cikin abubuwan da take kamawa idan an busar da su a hankali cikin laima.

Wa'adin da za a rubuta a jikin leda shi ma alkawari ne. Bai kamata mutum ya buga shekara biyu don ya ga wasu sun buga ba. Kauɗa tana yin duhu da daɗewa, musamman a wuri mai zafi ko a leda mai bayyana komai da haske ke bugunta. Hanya mai kyau ita ce daga kowane zubi a ware leda biyu ko uku a ajiye, a riƙa buɗe ɗaya bayan wata uku, bayan wata shida, bayan tara, ana duba launi da ƙamshi. Abin da ka gani da idonka shi za ka rubuta. Waɗannan ledojin ajiya kuma su ne shaidarka ranar da aka kawo ƙorafi a kan wani zubi.

Takardu

Babban kanti mai tsari ba zai ɗora abincin da aka ƙunshe a leda ba sai da lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. Idan jami'anta suka shigo suka samu kaya marasa rajista, kantin ne zai fara amsa tambaya. Don haka wasiƙar da ba ta da lambar nan, ko ta ce "muna kan hanyar samu", yawanci ajiye ta za a yi. Kafin NAFDAC akwai rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, da asusun banki da sunan kasuwancin, domin kanti ba ya son tura kuɗin kaya zuwa asusun mutum na ƙashin kansa. Ana shigar da buƙatar NAFDAC ta manhajarta ta intanet mai suna NAPAMS. Jami'ai za su zo su duba wurin da ake sarrafa kayan, su ɗauki samfur su gwada, su duba rubutun jikin ledar. Rajistar ta kowane kaya ce daban, ta kauɗa ba ta rufe kuɓewa ba, kuma tana aiki shekara biyar kafin a sabunta. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin mai farawa ya tsaya a kaya biyu, ko ma ɗaya. Wasiƙar da ta jero kaya goma sha biyu daga ƙaramar gona ba ta nuna ƙarfi, tana sa mai karatu shakka ne.

Jikin ledar dole ya ɗauki sunan abincin, da abin da ke ciki, da nauyinsa, da suna da adireshin mai sarrafawa, da lambar zubi, da ranar ƙunshewa da ranar cikar wa'adi, da yadda za a adana, da lambar NAFDAC. Sai lambar nan mai layi-layi da na'urar mai karɓar kuɗi ke karantawa. Ana samunta daga GS1 Nigeria, kuma lambobin da suke bayarwa da 615 suke farawa. Wasu kantunan sukan buga tasu lambar su manna wa kayan ƙananan masu kawo musu kaya, saboda haka yana da kyau a tambaya kafin a kashe kuɗi.

Lissafin da ke bayan farashi

Ɗanyen tumatir kusan kashi 94 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya sa farashi zai yi ta ciniki yana cin uwar kuɗinsa. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai don a ga yadda ake lissafin, kowa ya sa farashin kakarsa da na garinsu.

A ce kwando yana da kilo 50. Bayan an tsince marasa kyau an cire hanci, sai a samu kamar kilo 45, wanda idan ya bushe zai ba da wajen kilo 3 na kauɗa. Leda mai giram 100 ke nan guda 30. A ce ana sayar da kwandon naira 10,000 a lokacin da kaya suka yi yawa. Ko da daga gonarsa matashin ya ɗebo, dole ya sa wannan kuɗi a lissafi, domin da ya kai kasuwa da abin da zai karɓa ke nan. Tumatirin kowace leda ya tashi wajen naira 330. Masu wanki da yanka da juyawa a rumfa, a ce naira 3,000 a kwando, wato 100 a leda. Ledar kanta da bugun tambari 150. Kwali da kuɗin mota 50. Sannan a ware 70 saboda kayan da za a dawo da su, da lalacewar rumfa da injin liƙe leda, da kuɗin rajista. Jimla naira 700. Idan ya ba kanti a 1,000, ya samu 300 a kowace leda. Idan kanti ya sa 1,300 a kanta, shi ma ya samu 300.

A nan akwai wurin da ake yawan samun rashin fahimta. Matashin zai ce ya bar wa kanti ribar kashi 30 cikin ɗari, domin 300 ce a kan 1,000. Mai sayen kaya kuwa sau da yawa daga farashin kanta yake lissafi, kuma 300 a cikin 1,300 kashi 23 ne. Idan ya ce yana son kashi 30 ta nasa lissafin, to ko dai farashin kanta ya haura zuwa wajen 1,430, ko na manomi ya sauko zuwa 910. Maganin wannan shi ne a rubuta naira ɓaro-ɓaro a wasiƙa: ga farashin da zan ba ku, ga wanda nake ba da shawarar a sayar, ga abin da zai rage muku a leda. Kuma mutum ya san tun a gida iyakar inda zai iya saukowa, domin za a nemi ragi.

Akwai jimla ɗaya da wannan lissafi ke haifarwa wadda ta fi kowace amfani wajen talla: ledar giram 100 daidai take da wajen kilo ɗaya da rabi na ɗanyen tumatir. Mai ciniki da ta ɗaga leda ta ji ba nauyi za ta ga tsada, sai an gaya mata abin da ke ciki. A buga wannan a jikin leda, a kuma sa shi a wasiƙa, tare da tuna wa mai sayen kaya cewa kayan ba sa buƙatar firiji kuma ba sa ruɓewa a kwana uku kamar ɗanyen da yake zubarwa kowane mako.

Alkawarin da za ka iya cikawa

Abin da ya fi ɓata wa kanti rai shi ne ya ware wa kaya wuri, mutane su saba da su, sannan a neme su a rasa. Kauɗa kuwa lokacin yinta daban ne da lokacin da aka fi nemanta. Ana busarwa da rani, ana rububinta da damina, lokacin da iska ke da laima, shanya ke wahala, ɗanyen tumatir kuma ya yi tsadar da ba za a saya a busar ba. Ma'ana duk abin da matashin zai kai kanti a watan Yuli da Agusta dole ya riga ya busar da shi kafin ruwa ya sauka.

A ce a kakar bana ya iya busar da kwando 100. Kilo 300 ke nan, leda 3,000, kwali 125 idan kowane kwali na ɗaukar 24. Idan aka raba wa wata goma sha biyu, kwali goma ne a wata da ɗan ragowa. To abin da zai rubuta ke nan, kwali goma, ba hamsin ba. Mai sayen kaya ya fi son ƙaramin adadi tabbatacce a kan babba na baka. Ya kuma sani cewa akwai shekarar da ƙwarin nan da manoma ke kira Sharon ke cinye gonakin tumatir, kamar yadda ya faru a Kano da Kaduna a 2016. Manomin da ya ce masa kayan shekara suna nan a ajiye a buhuna masu hana iska shiga, a ɗaki busasshe, a kan katako ba a ƙasa ba, ya amsa wannan damuwa tun kafin a furta ta.

Wannan ajiya tana cin jari. Kwando 100 da kuɗin aikinsu naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ne a misalinmu, kwance a ɗaki suna fita kaɗan-kaɗan. Ga shi kuma manyan kantuna ba kasafai suke biya kuɗi hannu ba. Wasu sai bayan sati biyu ko wata guda, wasu kuma sai kayan sun fita su biya abin da aka sayar su mayar maka da saura. Ya kamata wasiƙa ta faɗi sharaɗin da manomi ke nema tun farko, in ba haka ba za a ɗora masa wanda aka ga dama. Ga sabon shiga, amincewa da karɓar abin da bai fita ba a zubin gwaji dabara ce mai kyau, domin tana cire wa mai sayen kaya fargabar asara. Amma a iyakance ta ga gwajin, a kuma sa mata rana.

Wasiƙar

A yawancin manyan kantuna da Turanci za a miƙa ta, amma tsarinta ɗaya ne ko da wane harshe. A sama sunan kasuwanci da adireshi da kwanan wata. Ga yadda cikinta zai kasance:

Zuwa ga Manajan Sayen Kayan Abinci,

Neman ɗora kauɗa da busasshiyar kuɓewa a kantinku

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa, ni manomin rani ne a ƙaramar hukumar Kura, kuma ina sarrafa kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa a leda mai giram 100. Na zagaya sashenku na kayan miya, na ga kuna da tumatirin gwangwani da na leda da garin yaji, amma ban ga kauɗa ba. Ita nake so ku gwada.

Ana wanke kayan a yanka a busar da su a kan raga cikin rufaffiyar rumfa, ba sa taɓa ƙasa, kuma ba a zuba musu kala. Leda ɗaya ta kauɗa tana daidai da wajen kilo ɗaya da rabi na ɗanyen tumatir, kuma ba ta buƙatar firiji. Kowane daga cikin kayan biyu yana da lambar NAFDAC. Na haɗo kwafin takardun da na rajistar CAC da sakamakon gwaji.

Kwalin kauɗa yana ɗaukar leda 24, a kan naira 24,000, wato 1,000 kowace leda. Ina ba da shawarar a sayar 1,300, ya bar muku 300 a leda. Farashin kuɓewa yana cikin takardar da ke haɗe. Kauɗar da nake da ita a ajiye za ta isa kwali goma kowane wata har kaka mai zuwa, kuma ina kawowa cikin kwana uku da yin oda. Wata shida ke nan ina kai wa shagunan unguwa huɗu, kuma masu su sun yarda ku tuntuɓe su.

Abin da nake nema shi ne gwaji na sati shida a reshe ɗaya, da kwali uku na kauɗa da biyu na kuɓewa. Abin da bai fita ba zan kwashe da kaina ba tare da kun biya ba. Wanda ya fita a biya cikin kwana goma sha huɗu da ƙarewar gwajin. Ga samfur shida na bari tare da wannan takarda, don Allah a jiƙa ɗaya a duba ruwan. Zan kira ranar Talata mai zuwa da safe don jin ra'ayinku.

Na gode. Naku,

sai sa hannu da suna da lambar waya.

Akwai abubuwa uku a wasiƙar nan da ya kamata a lura da su. Jimlar da ta ce an zagaya sashen kayan miya tana nuna cewa marubucin ya taka ya shiga kantin, ba takarda ɗaya ya buga ya raba wa kowa ba. In kuwa ya tarar da kauɗar wani a kan kanta, sai ya faɗi gaskiya, ya nuna inda tasa ta bambanta a nauyi ko farashi ko launi. Maganar shagunan unguwa ita ce amsar tambayar ko za a saya, kuma ba a rubuta ta sai in ta faru, domin kira ɗaya ya isa a gane ƙarya. Wanda bai taɓa sayar wa kowa ba gara ya fara da ƙananan shaguna da gidajen abinci, ya riƙe littafin abin da ke fita kowane mako, sannan ya tunkari babban kanti. Sai gayyatar a jiƙa kauɗar a duba ruwan. Duk wanda ya taɓa wanke ta kasuwa ya san abin da ke kwanciya a ƙasan kwano, kuma idan aka tsiyaye ruwa ba a ga komai ba, samfurin ya faɗi abin da shafi uku ba za su faɗa ba.

Abin da aka bari a waje shi ma da gangan ne. Babu cewa zogale ko kuɓewa na maganin ciwon suga ko hawan jini, domin ƙa'idar NAFDAC ba ta yarda a yi wa abinci iƙirarin warkar da cuta ba, kuma mai sayen kaya ya san haka. Babu kushe kayan wasu da suna. Labarin matashin da gonarsa yana da wurinsa, amma a bayan leda, a layi biyu, inda mai ciniki za ta karanta.

Bayan an miƙa

A kai takardar hannu da hannu, a ranar aiki da safe, ba yammacin Juma'a ko jajibirin Sallah ba lokacin da kanti ya cika. A tambayi ma'aikata sunan mai kula da sayen kayan abinci a rubuta a jikin ambulan, domin takardar da aka bari wurin mai gadi ba lallai ta isa ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Afrilu zuwa Mayu, kaya na hannu, tsadar ɗanyen tumatir kuma na ƙaratowa. A kira a ranar da aka ce za a kira. Idan aka ce a'a, a tambayi dalili cikin ladabi. Amsar takan zama ɗaya daga abubuwa kaɗan: ledar ba ta tsayuwa a kanta, ko rubutun ya yi ƙanƙanta, ko farashin ya wuce abin da masu cinikinsu za su biya, ko suna son ƙaramar leda ta giram 50. Duk waɗannan ana iya gyara su a dawo.

Idan kuma aka ce a kawo, kowane kai kaya ya tafi da takarda kwafi biyu mai nuna adadi da lambar zubi da farashi, mai karɓa ya sa hannu ya buga hatimi, domin da ita za a nemi kuɗi. A cikin sati shidan gwaji, matashin ya riƙa leƙawa sau ɗaya a mako ya ga inda aka ajiye kayansa. Sau da yawa abin da ke hana fita ba ingancin kaya ba ne, kwali ne da aka manta a sito, ko leda da aka tura can ƙasa kusa da sabulu maimakon kusa da tumatirin gwangwani da kayan ƙamshi. Ya ƙirga abin da ya rage, ya rubuta. Idan a sati shida leda 60 cikin 72 na kauɗa suka fita amma kuɓewa ba ta motsa ba, to wasiƙarsa ta biyu ta riga ta samu abin da za ta ce: a ci gaba da kauɗa, a ƙara reshe na biyu, a janye kuɓewa ko a gwada dakakkiya a maimakon yankakkiya. Ko da ciniki ya yi kyau, kada ya daina kai wa shagunan unguwar da ya fara da su. Kantin Shoprite na Kano ya rufe a watan Janairun 2024, kuma duk mai kayan da ya jingina da reshe ɗaya, ranar da aka rufe shi kwalayensa za su dawo ɗaki ya fara neman kasuwa daga farko.